Cokalin mai ɗaya da farantin ganye: ina kalorin yake ɓuya?

*Salamu alaikum Malama. Wata biyu ke nan da na bar tuwon dare, sai salak ko kwaɗon zogale nake ci, in yunwa ta dame ni da rana in ɗan tauna gyaɗa. Amma nauyina ko gezau. Wata ƙawata ta ce wai cokalin mai ɗaya ya fi farantin ganye guda kalori, gyaɗa cikin tafin hannu ma haka. Ni dai abin bai shiga kaina ba. Ta yaya abin da ko maƙogwaro ba ya jiƙawa zai fi abin da ke cika ciki?*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙawarki ta yi gaskiya, kuma ba sai kin yarda da bakinta ko nawa ba, lissafin mai sauƙi ne.

Ɗauko faranti ki yanka kabeji giram 150, wato abin da zai yi tozo a tsakiyar faranti. Kalorinsa kimanin 38 ne. Ƙara kokwamba madaidaiciya ɗaya, giram 100, kalori 15. Tumatir babba ɗaya, giram 100, kalori 18. Ƙaramin karas, giram 50, kalori 20. 'Yar albasa giram 30, kalori 12. Farantin nan ya kai giram 430, ya doshi rabin kilo, kuma kafin ki cinye shi sai muƙamuƙinki ya gaji. Jimillar kalorinsa ɗari da 'yan kai. Yanzu ɗauko babban cokalin awo, mai ɗaukar mililita 15, ki cika shi da man gyaɗa. Nauyin man bai wuce giram 14 ba, amma kalorinsa kimanin 120 ne. Ya riga ya wuce farantin gaba ɗaya. Gyaɗa kuwa, cikin tafin hannu ɗaya na ɓararriya, giram 30, tana ɗauke da kalori kusan 170.

Abin da masana abinci ke dubawa a nan shi ne kalori nawa ne a cikin kowane giram ɗaya na abinci. Kokwamba ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kalori ɗaya ba a giram. Kabeji rubu'in kalori. Dafaffiyar shinkafa kalori ɗaya da ɗan ɗori. Gyaɗa ta haura biyar da rabi. Mai yana dab da tara, kuma daga shi babu wani abinci a sama. Kamar buhun 'yan naira biyar-biyar ne da ɗan ƙullin 'yan dubu-dubu: wanda ya fi cika ido daban, wanda ya fi kuɗi daban.

Abu biyu ne ke jan wannan awo, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Mai ja ƙasa shi ne ruwa. Ruwa yana da nauyi, yana cin wuri, amma ba shi da kalori ko ɗaya. Kokwamba kashi 95 cikin ɗari ruwa ce, tumatir kusan haka, kabeji 92. Ke nan a farantin nan na giram 430, wajen giram 400 ruwa kika tauna. Ɗan abin da ya rage ma, wani ɓangarensa harza ce, wadda hanjinmu ba ya iya narkarwa sosai. Duk wadda ta taɓa zuba alayyafo cike da kwando a tukunya ta ga ya koma ɗan dunƙule, ko ta shanya tumatir ya zama kauɗa, ta ga wannan da idonta.

Mai ja sama kuma shi ne maiƙo. Abubuwa uku ne a abincinmu ke ba jiki kuzari. Sitaci da sukari suna ba da kalori 4 a kowane giram, furotin shi ma 4, maiƙo kuwa 9. Waɗannan lambobi sun samo asali daga aikin wani masani ɗan Amurka, Wilbur Atwater, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da su ake lissafa abin da kike gani a jikin kwalin biskit da gwangwanin madara. Man girki kusan maiƙo ne tsantsa. Ba ruwa a cikinsa, ba harza, ba abin da zai tsarma shi. Shi ya sa giram 14 sau kusan tara ya ba ki 120.

To me ya sa maiƙo ya ninka sitaci har da ɗori? Jiki yana samun kuzari ne ta hanyar ƙona abinci a hankali, wato yana haɗa sinadaran kabon da haidurojin da ke cikinsa da iskar oksijin da muke shaƙa. Sitaci da sukari sun riga sun zo da oksijin mai yawa a jikinsu, kamar an riga an fara cin wani ɓangare na makamashinsu tun kafin su iso. Maiƙo kuwa dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidurojin, oksijin ɗinsa ɗan kaɗan ne, saboda haka kusan dukkansa yana nan yana jiran a ƙona. Za ki iya gwadawa a tsakar gida. Soke ƙwayar gyaɗa soyayya guda a bakin allura ko waya, ki kara mata ashana. In ta kama za ta ci da harshen wuta mai kyau na ɗan lokaci, har ki ga mai yana tsatsafowa yana ɗiga. Yi wa yankan kokwamba haka, sai dai ashanarki ta ƙare. Kakanninmu da suka kunna aci-balbal da man gyaɗa sun san inda wutar take.

Gyaɗa kuwa, ki tuna iri ce. Abin da ke cikinta guzuri ne da aka tanadar wa ɗan tsiro kafin ya yi ganyen da zai ciyar da kansa, kuma guzurin dole ya zama busasshe don kada ya ruɓe, ya kuma zama mai yawa a ƙaramin wuri. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, rubu'inta furotin, ruwanta bai kai kashi goma cikin ɗari ba, in an soya ta ma ya ƙara raguwa. Duka abubuwan biyu sun haɗu mata, ruwa ya yi ƙasa, maiƙo ya yi sama. Riɗi da kashu duk layi ɗaya suke, kalori ɗari biyar da hamsin zuwa ɗari shida a giram 100. Kalorin da ke cikin tafin hannun gyaɗa, in a kankana za ki neme shi, sai kin sha fiye da rabin kilo.

Matsalar gyaɗa a wurin masu neman rage ƙiba ba ta cikin tafin hannu na farko. Ba wanda ke tsayawa a nan. Ana zuba ta a kwalba a ajiye kusa da inda ake zama, hannu yana kai da kawowa ana hira ko ana kallon waya, kuma ba wanda ke ƙirga ta a matsayin abinci. In an tambayi mace me ta ci yau, za ta lissafa kumallo da abincin rana, ta manta da gyaɗar. Tafi uku tsakanin azahar da magariba kalori 500 ne, kusan rubu'in abin da mace mai matsakaicin aiki ke buƙata a yini, wanda ake ƙiyastawa a kan 2,000.

Sai dai akwai wani sassauci da ya kamata a faɗa, don kada a ɗora wa gyaɗa laifin da ya fi nata. Man da ke cikin ƙwayar yana kulle ne a cikin ƙananan ɗakuna masu bangon harza. Haƙori ba ya fasa su duka, wasu gutsattsarin suna wucewa ta hanji su fita da mansu ba a tsotse ba. An gwada wannan a kan almon, wata ƙwaya mai maiƙo kamar gyaɗa, aka ga jiki yana samun ƙasa da abin da lissafin Atwater ya nuna, an kuma ga wanda ya ci gyaɗa ƙwaya-ƙwaya yana fitar da maiƙo a bayan gida fiye da wanda ya ci markaɗaɗɗiya ko ya sha manta. Ke nan gyaɗar da aka tauna daban, wadda aka kai inji aka markaɗa don miyar taushe ko kunun gyaɗa daban, man da aka matse daban, kuma kowane mataki yana sauƙaƙa wa jiki kwashe kalorin. Ga shi kuma gyaɗa tana riƙe ciki fiye da biskit ko cincin masu kalori daidai da nata, saboda furotin da harzarta. Ni ba na hana masu zuwa wurina gyaɗa. Cewa nake su ɗebi tafi ɗaya a ɗan kofi, su rufe kwalbar su mayar da ita inda sai an miƙe tsaye kafin a kai gare ta.

Yanzu ga abin da ya sa lamarin ke ruɗar mutane. Tumbi ba ya ƙirga kalori nan take. Abin da ya fara ji shi ne miƙewa: abinci ya shigo, bango ya buɗe, jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Akwai wasu saƙonnin da hanji ke aikawa game da maiƙo da furotin, amma suna zuwa daga baya, sau da yawa bayan an riga an sauke faranti. Binciken Barbara Rolls da abokan aikinta a jami'ar jihar Pennsylvania ya nuna cewa mutane sun fi riƙe nauyin abincin da suka saba ci a yini fiye da yadda suke riƙe yawan kalorinsa. In aka rage kalorin da ke cikin kowane giram ba tare da an rage girman faranti ba, mutum yakan ci gwargwadon abin da ya saba, ya tashi a ƙoshe da kalori ƙasa da na da. In aka ƙara, haka zai cinye bai ji bambanci ba. A wani gwaji nasu, an ba mata abinci iri ɗaya na kaza da shinkafa ta fuska uku: shi kaɗai, ko tare da kofin ruwa a gefe, ko an zuba wannan ruwan a ciki ya zama romo. Waɗanda suka sha romon ne suka fi rage cin abincin da ya biyo baya. Ruwan kofi bai yi wannan aikin ba, domin yana saurin barin tumbi. Ruwan da ke cikin jikin abinci shi ne mai zama.

Wannan ne kuma ya sa lemon kwalba da zoɓo mai sukari ba sa bin ƙa'idar. In an auna su da giram kalorinsu kaɗan ne, tunda yawancinsu ruwa ne, amma ba sa ƙosarwa, kuma kwalba ɗaya ta lemo tana kai kalori 150.

Mu koma kan salak ɗinki. Ba a cin ganye gaya a ƙasar Hausa, kuma ba laifi ba ne. Kan farantin nan mai kalori ɗari, a ce kin zuba mai cokali biyu, 240 ke nan. Kin barbaɗa garin ƙuli cokali biyu masu tozo, giram 30. Ƙuli an matse masa mai, gaskiya ne, amma ba duka ba, sannan a cikin mai aka soya shi, kuma busasshe ne ƙarau, don haka ki ba shi wajen 140. Farantin ya tashi daga 100 ya koma 480, alhali nauyinsa giram 60 kawai ya ƙaru. Ido ba zai ga wani bambanci ba, ciki ma haka. In bama kike sawa maimakon mai, kowane babban cokali yana dab da kalori 100, kuma na san yadda ake lafta ta. Malmalar tuwon shinkafa ta giram 250 da kika gudu daga gare ta kalorinta wajen 325 ne. Ba na cewa tuwo da miyarsa ya fi salak ɗin sauƙi, tunda miya ma da manta take zuwa. Amma mai yiwuwa ne ƙwarai musayar da kika yi ta tashi babu riba babu faɗuwa, sai gyaɗar rana da ta hau kai.

Kwaɗon zogale ma haka yake, har ya ɗan fi. Zogale ya fi kabeji nauyin abinci, dafaffensa yana kai kalori 60 a giram 100, kuma ganye ne mai shan mai. Za ki zuba, ki juya, ki ga kamar ba ki sa komai ba, ki ƙara. Rama da tafasa duk halinsu ɗaya. Mai sayar da kwaɗo ta san daɗin yana wurin ƙuli da mai, ba za ta yi musu ƙwauro ba.

A tukunya kuwa ba a ma maganar cokali. Yawancinmu daga galan ko kwalba muke tuttulawa har sai ido ya gamsu, wasu kuma da ludayi ko gwangwanin madara. Gwangwanin madara na ruwa yana ɗaukar mai kimanin cokali goma, kalori 1,200. In mutum shida za su ci miyar, kowa ya tashi da 200 daga mai kaɗai, kafin a zo ga nama da tuwo. Shinkafa da wake da mai da yaji ta fi kowanne nuna wannan a fili, domin a nan kowa da hannunsa yake zubawa, kuma cokali uku ba ya zama abin magana.

Suya tana yin ɓarna ta fuska biyu a lokaci guda. Wannan ƙarar da kumfar da kike gani in kin jefa dankali a mai, ruwan cikinsa ne ke tafasa yana ficewa. Gurbin da ya bari, mai ne ke shiga, musamman bayan an tsame yana hucewa. Dankalin Turawa dafaffe kalori 87 ne a giram 100, soyayyensa yana haura 300. Dankalin bai canza ba, ruwa ne ya fita maiƙo ya shiga. Ƙosai da alala daga ƙullu ɗaya suke fitowa, awara ɗanya da soyayya ma waken suya ɗaya ne, amma tazarar da ke tsakaninsu irin wannan ce. Dafuwa cikin ruwa kuma akasin haka take yi: ɗanyar shinkafa kalori 360 ce a giram 100, in ta sha ruwa ta nuna sai ta sauko 130.

Wata tambaya da ke biyo baya kullum ita ce, to in koma man zaitun? Ta fuskar kalori babu bambanci. Man gyaɗa, manja, man waken suya, man zaitun, man riɗi, duk wajen 120 ne a cokali. Man shanu soyayye ma yana nan kusa. Suna da bambanci ta wajen irin maiƙon da ke cikinsu da abin da yake yi wa jijiyoyin jini, wannan magana ce ta daban. Na sha ganin mata suna shan man zaitun cokali biyu da sassafe wai don su rame. Kalori 240 suka ƙara wa yininsu da kuɗi mai tsada.

Kada kuma ki ce daga yau kin yi hannun riga da mai. Sinadarin da ke cikin karas da zogale da alayyafo wanda jiki ke mayarwa bitamin A, da bitamin E da K, duk sai da maiƙo hanji ke iya tsotse su da kyau. Ganye gaya ba mai ko ɗigo asara ce ta wani ɓangaren amfaninsa, ga shi ba daɗi, kwana uku za ki yi ki watsar. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko biyu, kalori 40 kowanne, ya wadatar wa faranti. Ki zaɓi ɗaya tsakanin mai da ƙuli, ko ki raba kowanne biyu, ki cike gurbin ɗanɗanon da lemon tsami da albasa da yaji. Sannan ki sa wani abu mai riƙe ciki, kamar dafaffen ƙwai, wanda bai kai kalori 80 ba, ko dafaffen wake ludayi ɗaya. Ganye zalla yana cika ciki na awa ɗaya ko biyu ne, daga nan yunwa ta dawo ta tura ki wurin kwalbar gyaɗa.

Wannan ilimin dai shi ake juyawa a yi amfani da shi ga wanda ke buƙatar ƙiba. Yaro ɗan wata takwas tumbinsa bai fi ɗaukar ƙaramin kofi ba a zama ɗaya. In aka cika shi da tsararon koko, ruwa aka ɗura masa, zai ƙoshi amma ba zai samu abin da zai yi girma da shi ba. Shi ya sa a asibiti muke ce wa uwa ta dama kunun da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, ta sa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko ƙaramin cokalin mai. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa, wanda likitan Faransa André Briend da abokin aikinsa suka ƙirƙiro a 1996 aka kuma yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, gyaɗa ce markaɗaɗɗiya da mai da sukari da garin madara da bitamin. Leda ɗaya giram 92 ce, kalorinta 500. An zaɓi gyaɗa da mai ne saboda dalilin da ya sa suke ba ki wahala.

In kina son ki san inda gidanki ya tsaya, ba sai kin sayi sikeli ba. Lita ɗaya ta mai tana ɗauke da kalori kimanin 8,000, kwalbar ruwan roba mai santilita 75 kuma wajen 6,000. Ki sa alama ranar da aka buɗe, ki ga ranar da ta ƙare, ki raba da yawan kwanakin, ki sake rabawa da yawan masu ci. Gidan mutum shida da ke shanye lita a mako, kowa yana samun kusan 190 a rana. In a kwana huɗu take ƙarewa, ya haura 330. Lissafin ba zai fito daidai-wa-daida ba, tunda yara ba sa cin na manya kuma wani man yana saura a kasko, amma zai nuna miki ko a tukunya matsalar take ko a abin da ake ci tsakanin abinci. Na kanti kuma, ki duba inda aka rubuta kcal, wato kalori, a layin giram 100, ki raba da ɗari. Abin da ya gaza ɗaya da rabi za ki iya cika faranti da shi, abin da ya haura huɗu da cokali ko tafin hannu ake auna shi. In kJ kawai aka rubuta, ki fara raba lambar da 4.2 kafin ki yi wannan lissafin.

In kin gyara man da gyaɗar na wata guda ko biyu nauyin bai motsa ba, musamman in akwai yawan kasala, jin sanyi, rikicewar al'ada, ko kina shan wani magani kullum, ki je a duba ki a asibiti, ki tafi da sunayen magungunan.